Kafin sanarwa ta fita: tambayoyi da amsoshi kan duba rubutun da za a aika wa jama'a da yawa

Shekaru da dama ke nan ina riƙe da aikin magatakarda a wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Garwa, kuma mafi yawan aikina shi ne rubuta sanarwa: ta taro, ta gudummawa, ta ta'aziyya, ta sauyin ranar biyan kuɗi. Mutanenmu sun kai ɗari da ashirin. Wasu suna cikin gari, wasu suna Marwa, Ngaundare da Kusiri, wasu sun ƙetare gada suna Njamena, ban da waɗanda fatauci ke kaiwa Mubi da Yola. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda matasan da ake ɗora wa irin wannan aiki a ƙungiyoyi da makarantun Islamiyya suka fi yi mini. Na amsa su ne da sanarwa guda ɗaya da na rubuta da hannuna, domin a ga inda magana take yin harshen damo ba tare da mai rubutu ya ankara ba.

Malam, idan rubutu ya fita da Hausa mai kyau, babu kuskuren nahawu, me kuma ya rage a duba?

Abin da ya rage shi ne ko kowace jimla tana da ma'ana ɗaya tak ga wanda ba ya wurin lokacin da aka yanke shawara. Ga sanarwar da na aika ranar Litinin, 10 ga Nuwamba 2025, bayan zaman shugabanni:

"Assalamu alaikum. Ana sanar da 'yan ƙungiya cewa a kawo kuɗin gudummawa, dubu biyar, kafin Juma'a mai zuwa. Shugaba ya gana da ma'aji, ya ce ya karɓi kuɗin a shagonsa. Za mu zauna daren Asabar bayan sallah a inda aka saba. Wanda bai samu zuwa ba ya sanar da shi."

Babu kalma ko ɗaya a nan da malamin Hausa zai ja wa jan layi, kuma ni da na rubuta ta na karanta sau biyu ban ga aibu ba, saboda ina cikin zaman, na san wanda ya ce me, na san shagon da ake nufi. Amma kafin la'asar ta washegari, mutum uku sun kai kuɗinsu shagon shugaba alhali ma'aji ne mai karɓa, wani ɗan'uwa daga Njamena ya kira yana tambayar dalilin da gudummawa ta haura zuwa sefa 25,000, wani dattijo kuma ya aiko ɗansa ya tambayi yadda ma'aji zai ce ya karɓi kuɗin da ba a riga an tara ba. Kowannensu ya karanta daidai abin da ke rubuce.

Idan mutum ɗaya ka aika wa saƙo mai harshen damo, zai kira ka, ku daidaita cikin minti guda. Idan mutum ɗari ne, kaɗan ne za su kira. Sauran kowa zai ɗauki ma'anar da ta fara zo masa, ya yi aiki da ita yana da tabbacin ya fahimta, kai kuma ba za ka san an rabu gida biyu ba sai ranar da wa'adi ya cika.

Mene ne laifin "kafin Juma'a mai zuwa"? Ai haka kowa yake magana.

Haka muke magana, amma a baki akwai ranar da ake ciki, mai magana da mai sauraro duk sun san ta. Rubutu yana yawo. Sanarwar da aka rubuta Litinin, wanda ke kan hanyar Marwa zuwa Kusiri wayarsa babu caji zai iya buɗe ta ranar Alhamis, wani kuma abokinsa ne zai tura masa ita ranar Asabar, kuma a saƙon da aka tura ba ya ganin ranar da aka fara rubuta shi. Ga wannan na ƙarshe, Juma'a mai zuwa ita ce 21 ga wata, ba 14 ba. Ko waɗanda suka karanta ranar Laraba sukan rabu: wasu su ce Juma'ar jibi ake nufi, wasu su ce ai da ita ake nufi da an ce "Juma'ar nan", don haka ta makon gaba ce. Duk kalmar da ma'anarta ta rataya ga ranar da aka faɗe ta tana da wannan ciwo: gobe, jibi, gata, rana i ta yau, mako mai zuwa, ƙarshen wata.

Kalmar "kafin" ita ma tana da nata. Wanda ya kawo kuɗinsa ranar Juma'a da hantsi, ya makara ko bai makara ba? A zahirin kalma ya makara, domin kafin Juma'a yana ƙarewa ne ranar Alhamis, amma yawancin masu rubuta haka suna nufin Juma'ar tana ciki, kuma ni ma abin da na nufa ke nan. Maganin wannan shi ne a bar "kafin" gaba ɗaya, a ce "ranar ƙarshe ita ce", sannan a kawo abu huɗu a jere: sunan rana, kwanan wata, sunan wata, da ƙarfe nawa za a rufe. Sunan rana da kwanan wata suna tsaron juna, don idan hannu ya zame aka rubuta Juma'a 15 ga Nuwamba, mai lura zai ga ba su dace ba ya yi tambaya. Saboda haka ne nake buɗe kalanda in haɗa su da idona kowane lokaci, ko da ina jin na haddace.

Ƙidayar kwana kuwa a yankinmu tana da wani tarko na dabam. Waɗanda suka yi makarantar Faransanci sun saba cewa kwana takwas suna nufin mako guda, kwana goma sha biyar suna nufin mako biyu, kuma sukan shigo da wannan cikin Hausarsu. Idan aka rubuta "an ba kowa kwana goma sha biyar", wani zai ƙidaya sha huɗu, wani sha biyar, wani kuma zai fara ƙidaya daga ranar da saƙon ya iske shi. Idan dole ne a ambaci yawan kwanaki, to a biyo shi da ranar da za su cika.

"Daren Asabar bayan sallah" fa? Wannan kam na ɗauka a fili yake.

Wannan ne ya fi duka haɗari, domin ɓangarorin biyu kowanne yana da hujja. A lissafin da muka gāda daga Musulunci, rana tana farawa ne daga faɗuwar rana, dare yana gaban yininsa. Shi ya sa idan malami ya ce daren Juma'a, daren da Alhamis ta wuni yake nufi, wanda za a wayi gari Juma'a. A wannan lissafi, daren Asabar yana shiga ne da magaribar ranar Juma'a. Matashin da ya saba da lissafin ofis da na makarantar boko kuwa, daren Asabar a wurinsa shi ne bayan yinin Asabar. Tsakanin fahimtar biyu akwai awa ashirin da huɗu cur, kuma rabuwar takan bi shekaru: dattawa su zo yau, matasa su zo gobe. Ni ba na ƙara rubuta "daren" da sunan rana a sanarwa. Ina rubuta "ranar Asabar, 15 ga Nuwamba, da ƙarfe 8 na dare", kuma idan na san dattawa na cikin masu karɓa, sai in ƙara da "wato daren da za a wayi gari Lahadi".

"Bayan sallah" kuwa ba ta faɗi wace sallah ba. Da dare akwai magariba akwai isha'i, tsakaninsu sama da awa guda. Da rana abin ya fi haka faɗi, don a gari ɗaya akwai masallacin da ke yin azahar da wuri, akwai wanda ke jinkirtawa har wajen ƙarfe biyu. Ban ce a daina ɗaura lokaci da sallah ba, ai da ita mutanenmu suke tsara yininsu, kuma taron da aka ce "bayan isha'i" ya fi samun jama'a a kan lokaci fiye da wanda aka ba ƙarfe kawai. A haɗa biyun ne: a faɗi sunan sallar, a faɗi ƙarfen. Idan kuma ana gab da watan azumi ko na layya, kada a taɓa rubuta "bayan Sallah" haka kawai, don mai karatu bai san ko sallar farilla ake nufi ko idi ba, idan idi ne kuma ƙarama ko babba, kwana nawa bayanta.

"Inda aka saba" ba ya buƙatar dogon bayani: wanda ya shiga ƙungiya bana bai saba da ko'ina ba. A faɗi unguwa da gida.

Za a iya rubuta kwanan wata da lambobi zalla, kamar 12/11, don taƙaitawa?

Gara a bari. A Kamaru da Cadi da Najeriya rana ake fara rubutawa sannan wata, don haka 12/11 shi ne 12 ga Nuwamba. Amma wayoyi da kwamfutoci da yawa suna zuwa da tsarin Amurka, inda wata ke gaba, kuma wanda idonsa ya saba da hakan zai karanta 11 ga Disamba. Rubuta sunan wata da haruffa ba ya cin wuri sosai.

Haka nan "goma ga wata" ba ta isa ba, don a gidajenmu wata biyu ake ƙidayawa. Idan da watan Musulunci aka sa rana, a tuna cewa ganin wata yakan bambanta da kwana guda tsakanin Kamaru, Cadi da Najeriya, saboda haka a jingina shi da sunan rana da kwanan watan boko. Agogo kam bai raba mu ba, ƙasashen nan uku da Nijar lokacinsu ɗaya ne. Sai dai idan akwai 'yan'uwa a Saudiyya cikin masu karɓa, su suna gabanmu da awa biyu, sai a ce "agogon Kamaru".

Ta yaya zan gane wakilin sunan da zai rikita mutane?

Mu koma jimla ta biyu: "Shugaba ya gana da ma'aji, ya ce ya karɓi kuɗin a shagonsa." Maza biyu aka ambata, sannan aka biyo da "ya ce", "ya karɓi" da "shagonsa". Wa ya ce, shugaba ko ma'aji? Wa ke karɓa? Shagon wa? Kowace tambaya amsa biyu gare ta. Hanyar da nake bi mai sauƙi ce, kodayake tana son haƙuri: in ɗora yatsa a kan kowane "ya", "ta", "shi", "ita", "su", da kowane "-sa" da "-ta" da ke manne da suna, in koma baya in ƙidaya sunaye nawa ne za su iya shiga wannan gurbi. Idan sun wuce ɗaya, sai in cire wakilin in sa sunan. Ba na tambayar kaina wanda na nufa, don wannan na sani, sai dai wanda baƙo zai iya ɗauka.

A lura cewa ba mutane kaɗai ke shiga gurbin ba. A Hausa ƙungiya "ta" ce, makaranta "ta" ce, kwamiti kuwa "ya" ne. Idan aka rubuta "Hajiya ta kai kuka ga ƙungiya, ta ce za ta biya rabi", babu mai iya rantsewa ko Hajiya ce za ta biya ko ƙungiya. A nan yankin kuma akwai ƙarin dalilin taka tsantsan, don da yawa daga masu karanta sanarwarmu Fulatanci ne harshensu na farko, wanda ba ya raba namiji da mace a wakilin suna, saboda haka bambancin "ya" da "ta" kaɗai ba shi ne abin da za a rataya kuɗin jama'a a kansa ba.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da rubutunmu, shi ne ya sa dattijon nan ya aiko ɗansa. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. A baki, "ya karɓi" na abin da ya riga ya faru ana jan "ya" ɗinsa da sauti sama, na umarni kuwa gajere ne da sauti ƙasa, kunne ba ya taɓa haɗa su. A takarda kamarsu ɗaya. Don haka "ya ce ya karɓi kuɗin" tana iya zama labari, cewa kuɗi sun riga sun shiga hannu, tana kuma iya zama umarni, cewa shi ne zai karɓa. Wannan yana faruwa da "ya", "ta" da "ka". Gwajin da nake yi shi ne in mayar da jimlar jam'i a zuciyata, domin jam'i yana raba su a rubuce: "sun karɓi" labari ne, "su karɓi" umarni ne. Idan na ga duka biyun suna zama daram a gurbin, to jimlar tana da baki biyu, sai in sake ta. Idan abin ya wuce ne, in ce "ya riga ya karɓi". Idan yana gaba, in ce "shi ne zai karɓi", ko "an umarci ma'aji da karɓar".

Jimlar ƙarshe ta sanarwar ma ba ta tsira ba. "Wanda bai samu zuwa ba ya sanar da shi": ban da rashin sanin wane ne "shi", rashin waƙafi ya sa "ba" da "ya" sun haɗu, har mai saurin karatu zai iya ganin "ba ya sanar da shi", wato akasin abin da ake so. Sannan "bai samu zuwa ba" tana nuna sai bayan taro za a ba da uzuri, alhali kafin taro ake bukata.

"A kawo", "za a yi", "za mu zauna" ai ladabi ne. Su ma a cire su?

Ladabi ne, kuma ban ce a kore su daga sanarwa ba. Inda aiki ya hau kan kowa daidai wa daida, "a kawo" ba ta da laifi. Amma inda mutum ɗaya ko biyu ne za su yi aikin, "za a tanadi tabarmi da ruwa" tana nufin babu wanda zai tanada, don kowa ya karanta zai ɗauka wani aka ɗora wa. Duk aikin da sanarwa ta ambata, a duba ko an faɗi mai yinsa.

"Mu" kuma tana da wani sirri da zama da Fulani ya koya mini. Fulatanci yana da "mu" iri biyu, ɗaya da ya haɗa da wanda ake yi wa magana, ɗaya da ya fitar da shi. Hausa ɗaya gare ta. Da na rubuta "za mu zauna", wasu sun ɗauka shugabanni ne za su sake zama tsakaninsu, tunda jimlar da ta gabata maganar shugaba da ma'aji take yi, alhali taron kowa da kowa ne. Haka "ku" take: idan aka aika wa mutum ɗari "ku zo da takardar shaidar biya", ba a san ko duka ake nufi ko waɗanda suka biya ta waya kaɗai ba. "Su Alhaji" ma haka, tana iya nufin Alhaji shi kaɗai don girmamawa, tana iya nufin shi da mutanensa.

Wayata ba ta da haruffa masu ƙugiya. Shin rashinsu yana sauya ma'ana har ya kai a damu?

A mafi yawan kalmomi mai karatu yana cike gurbin da kansa. Amma akwai 'yan kalmomi da ba a wasa da su a sanarwar kuɗi. "An bata kudin" tana iya zama "an ba ta kuɗin", tana iya zama "an ɓata kuɗin", kuma tsakanin biyun akwai mutuncin mutum. "Ya kasa" da "ya yi ƙasa", "baki" da "baƙi", "da" da "ɗa", duk haka suke. Raba kalmomi yadda ƙa'ida ta ce, kamar "ba ta" a rabe, yana magance rabin matsalar ko babu ƙugiya.

Ga masu aika saƙon tes akwai abin sani: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar an sa ƙ, ɗ ko ɓ guda ɗaya, sai ya koma 70, kuɗin aikawa ya ƙaru, wasu ƙananan wayoyi kuma su nuna akwati a gurbin harafin. Idan ta wannan hanya za a aika, ni nakan bar ƙugiya, amma in sauya duk kalmar da rashinta zai ba ta ma'ana biyu: in ce "an miƙa wa Hajiya kuɗin", wadda ko an rubuta ta "mika" ba ta rikitar da kowa.

Me ya sa ɗan'uwan Njamena ya karanta "dubu biyar" a matsayin 25,000?

Saboda a kasuwannin Njamena ana ƙidaya kuɗi da riyal, kuma riyal ɗaya sefa biyar ne, kamar yadda dattawanmu ke ƙidaya da dala. Dubu biyar a wannan lissafi sefa 25,000 ne. Wanda ke Mubi kuwa, idan ya ga dubu biyar babu suna, naira ce za ta fara zo masa. Don haka adadi yana bukatar sunan kuɗin, a rubuta shi da lamba da kuma haruffa: sefa 5,000, wato sefa dubu biyar. Rubuta shi da haruffa yana rufe wata ƙofar ma, tunda masu bin tsarin Faransanci ɗigo ko fili suke sawa inda wasu ke sa waƙafi. A ƙarshe a faɗi a kan wa adadin yake, kowane mutum ne ko kowane shago, don akwai 'yan'uwa uku da ke shago guda.

A aikace, wane tsari kake bi kafin ka danna aikawa?

Da farko ba na rubuta sanarwa a cikin akwatin da za a aika ta, don yatsa yana saurin dannawa. Ina rubuta ta a takarda ko a wani wuri dabam cikin waya, in ajiye ta ko da tsakanin sallah da sallah ne, don idon da ya gama rubutu yanzu abin da ke zuciya yake gani, ba abin da ke kan takarda ba. Idan na dawo, ina bin ta sau uku, kowane bi da abin da yake nema. Na farko na lokaci ne, da kalanda a buɗe. Na biyu na wakilan suna ne, da yatsa kamar yadda na bayyana. Na uku na lambobi da wurare ne. Na gwada haɗa su a karatu ɗaya, na ga kullum sai wani abu ya kuɓuce.

Karantawa da babbar murya tana da amfani wajen gano kalmar da ta faɗi, amma a yi hattara, don muryarka za ta sa wa "ya" sautin da ka nufa, ta ɓoye maka matsalar da ke rubuce. Abin da ya fi shi ne a ba wani wanda bai halarci zaman ba ya karanta. Kada a tambaye shi ko ya gane, don kunya da ladabi za su sa ya ce ya gane, musamman idan ƙaraminka ne. A ce masa: "Idan kai aka aika wa wannan, me za ka yi, wace rana, ƙarfe nawa, wa za ka kai wa, nawa za ka kai?" A yi shiru a saurara, kada a taimaka masa. Duk inda ya tsaya yana tunani, ko ya ce "ina jin", nan ne gyara yake. Ni nakan nemi mutum biyu da suka bambanta, dattijo ɗaya mai lissafin dare irin na dā, da matashi ɗaya ɗan makarantar Faransanci. Idan amsarsu ta zo ɗaya, hankalina yakan kwanta. Ban da lokacin da na ajiye ta, duk wannan bai wuce kwata na awa ba.

Maimaita "ma'aji, ma'aji" da jera lambobi ba zai sa sanarwa ta yi nauyi, ta rasa ladabi ba?

Za ta ɗan ƙara tsawo, wannan gaskiya ne. Amma ladabi yana cikin sallama da addu'a da kiran mutum da muƙaminsa, kuma babu ɗayansu da gyaran ya taɓa. Ga yadda sanarwar ta koma:

"Assalamu alaikum. Gudummawar bana sefa 5,000 ce, wato sefa dubu biyar, a kan kowane ɗan ƙungiya. Ma'aji ne zai karɓa, a shagon ma'aji da ke babbar kasuwar Garwa. Ranar ƙarshe ita ce Juma'a, 14 ga Nuwamba 2025, da ƙarfe 5 na yamma. Taron dukkan 'yan ƙungiya zai kasance ranar Asabar, 15 ga Nuwamba, bayan isha'i, da ƙarfe 8 na dare, wato daren da za a wayi gari Lahadi, a gidan shugaba da ke Yelwa. Duk wanda ba zai samu zuwa ba, ya sanar da magatakarda, kuma ranar ƙarshe ta ba da uzuri ita ce Juma'a, 14 ga Nuwamba. Allah ya ba da iko."

A lura cewa maganar ganawar shugaba da ma'aji ta fita gaba ɗaya. Ba ta gaya wa mai karatu abin da zai yi, kuma ita ce ta shigo da namiji na biyu cikin jimla har wakilan suna suka rikice. Sau da yawa gyaran harshen damo ragi ne, ba ƙari ba.

Idan sanarwa ta riga ta fita sannan aka gano matsalar, yaya za a yi?

Saƙon tes ba ya dawowa. A WhatsApp ana iya gyara rubutu cikin minti 15 da aikawa, amma wanda ya riga ya karanta ba zai sake dubawa ba, kuma kwafin da aka tura wa wasu yana nan yadda yake. Saboda haka gyaran shiru bai wadatar ba. Haka nan kada a aika guntun gyara irin "ba shagonsa ba, na ɗayan", don wanda bai ga na farko ba zai ƙara ruɗewa. A sake aika sanarwar cikakkiya, a fara ta da kalmar "Gyara", a faɗi ranar wadda take sokewa, a kuma nuna abin da ya sauya a jimla ɗaya. Tawa ta fita ranar Talata, 11 ga Nuwamba, da wannan a samanta: "Gyara: wannan ta soke sanarwar Litinin, 10 ga Nuwamba. An fayyace adadin kuɗi, mai karɓa, da ranar taro."

Bayan haka akwai waɗanda rubutu bai isa ba, sai kira. Na kira mutum ukun da suka kai kuɗi shagon shugaba na tabbatar musu an miƙa wa ma'aji an kuma rubuta sunayensu, na kira ɗan'uwan Njamena, sannan na je da ƙafata gidan dattijon bayan la'asar na karanta masa sabuwar sanarwar, saboda zargin da tsohuwar sanarwar ta jefa a zuciyarsa a kan ma'aji ya faɗa, kuma ni ne na rubuta jimlar.